Kuɗin Alhaji halal ne, amma ina shaidar? Sharhi kan bizar zama ta masu zuba jari

Aikina haɗa wa 'yan kasuwa lissafi ne a nan Kano, yawancinsu 'yan Kwari da Singa da Dawanau, kuma a 'yan shekarun nan maganar da na fi ji a bakin masu hali ita ce ta neman zama a waje ta hanyar zuba jari, wai ka kai kuɗi ka kafa sana'a a ƙasar mutane su ba ka izinin zama kai da iyalinka. Kusan kowa ya zo tambayarsa ɗaya ce, nawa ake biya? To ni dai abin da na gani shi ne ba a wajen nawa ake faɗuwa ba, mutanenmu da yawa suna da kuɗin har da rara. A wajen tambayoyi biyu ake faɗuwa, ina ka samo kuɗin, sannan me za ka yi da su da hankali zai ɗauka.

Zan yi misali da tsarin Amurka da ake kira EB-5, ba don ina tura kowa can ba. Hasali ma ƙofarsu buɗewa take tana rufewa ga ɗan Najeriya, a 2020 sun dakatar mana da bizar zama, 2021 aka buɗe, a ƙarshen 2025 kuma aka sake saka mu cikin jerin waɗanda aka taƙaita wa, don haka kafin mutum ya motsa ko sisi ya fara tambayar lauya ko ƙofar ma a buɗe take. Dalilin da ya sa na ɗauko shi, su ne suka fi kowa zayyana abin da suke so a rubuce, duk wanda takardunsa za su iya tsallake ma'auninsu to da wuya ya sha wahala a wani wajen. Tsarin tun 1990 yake, an yi masa garambawul a watan Maris na 2022, inda aka ce jarin dala miliyan 1 da dubu 50 ne, ko dala dubu 800 idan a karkara za a zuba ko a yankin da rashin aiki ya yi yawa, kuma dole jarin ya samar wa mutum 10 cikakken aiki.

Akwai wani Alhaji da na yi wa aiki, dillalin atamfa da shadda ne, ya haura shekara ashirin a kasuwa, mutumin kirki wallahi, zakkarsa ma kaɗai in ka ji sai ka riƙe baki. Ya kira ni ofis ɗinsa na saman shago bayan la'asar, aka kawo shayi, ya ce Malam wani ejan ya ce min in dai ina da dala dubu 800 magana ta ƙare, ka lissafa min. Muka buga a kan naira 1,500 duk dala, ya kama naira biliyan 1 da miliyan 200, ban da kuɗin lauya da na fom da sauran tarkace. Ko gezau bai yi ba, ya ce akwai. Na ce ranka ya daɗe na san akwai, daga ina za su fito? Ya lissafo da yatsu, miliyan 600 daga ribar kasuwa, miliyan 350 kuɗin wani gida da ya sayar, miliyan 150 gadon mahaifinsu, sai miliyan 100 da yayansa ya ce zai ba shi kyauta. Na ce to Alhaji, kowane ɗaya daga cikin huɗun nan shari'a ce mai zaman kanta.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne jami'in da zai duba fayil ɗinka bai san ka ba, bai san Kwari ba, bai san cewa a nan mutum zai iya ɗaukar kayan miliyan ɗari da baki kawai a kan amana ba. Takarda ce kawai a gabansa, kuma nauyin kawo hujja a kanka yake, ba shi ne zai tabbatar kuɗin haram ne ba, kai ne za ka gamsar da shi halal ne a dokance. Kuma abu biyu yake bi wanda mu muke haɗe su wuri ɗaya. Na farko asalin kuɗin, wato wane aiki ko ciniki ne ya haife su. Na biyu hanyar da suka bi, daga ranar da aka same su har ranar da suka sauka a asusun kamfanin da ke can, kowane tsalle daga asusu zuwa asusu sai an ga sawunsa. Kamar bin sawun ɓataccen raƙumi ne, in sawun ya ɓace a tsakiyar hanya ba ruwan mai bi da cewa raƙumin naka ne tun asali.

Muka fara da ribar kasuwa tunda ita ce mafi tsoka, kuma a nan muka fi daɗewa. Na ce a kawo min sitetimen na banki na shekara bakwai da takardun haraji na shekara bakwai, don dokar 2022 ɗin nan ta ambaci takardun haraji na shekara bakwai da suka wuce. Sitetimen ya zo a cikin kwali, kuɗi na shiga suna fita kamar ruwan famfo, a shekara ɗaya abin da ya ratsa ya kusa biliyan biyu. Alhaji yana murmushi ya ce ka gani ko? Na ce na gani, amma wannan juyin kuɗi ne ba riba ba, jami'in zai ce kuɗin masu kaya ne da na kwastomomi suke wucewa, ina naka a ciki? Kuma duk a asusunsa na kansa ake yi, kuɗin makarantar yara da kuɗin kwantena da gudummawar biki da cefanen gida duk a tukunya ɗaya, alhali yana da kamfani mai rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tun tuni, asusun kamfanin yana nan kwance ba abin da ke shiga sai cajin banki. Sannan wani kaso mai yawa na ciniki ta asusun yaran shago yake shiga, kwastoma ya zo a ce tura wa wane, da yamma wane ya turo wa Alhaji a dunƙule ba wani bayani. A idon wanda ke can, wannan wasu mutane ne da ba a san su ba suke antayo maka miliyoyi kullum, kuma kun san sunan da suke kiran irin wannan.

Sai takardar haraji, a nan ne shayin ya huce. Abin da aka rubuta a matsayin kuɗin shigarsa bai wuce miliyan shida a shekara ba. Shida sau bakwai, miliyan 42. Na ce Alhaji ka duba, da hannunka ka gaya wa gwamnatinka cewa a shekara bakwai miliyan 42 ka samu, yanzu kuma za ka gaya wa wata gwamnatin cewa ka tara miliyan 600 daga wannan kasuwar, to ɗaya daga cikin maganganun biyu ba gaskiya ba ce, kuma ko wacce suka zaɓa ba ta yi maka daɗi ba. Ya yi shiru can ya ce ai kowa haka yake yi. Gaskiya ne kusan kowa haka yake yi, amma ba kowa ne yake neman ya kai fayil ɗinsa gaban wanda zai haɗa takardun biyu ya karanta ba.

A nan ne ejan yake shigowa da shawarar banza, wai akwai wanda zai buga maka takardar shaidar biyan haraji ta baya da manyan lambobi, da rahoton odita na shekara biyar a sati ɗaya. Don Allah kar ku yi. Irin wannan takardun gane su ba wuya, za ka ga rahoton shekara biyar duk rubutu iri ɗaya, ribar tana hawa daidai wa daida kamar matakalar bene, ba shekarar korona a ciki, ba shekarar da naira ta faɗi, kuma lambobin ba su yi daidai da ko wata ɗaya na sitetimen ba, ga shi ba rasit ɗin da ke nuna ranar da kuɗin harajin suka fita daga asusunka. In an ƙi ka don hujja ba ta isa ba kana iya gyarawa ka dawo. In an kama ka da takardar bogi kuwa, a dokar Amurka haramcin shiga ne na har abada, a Birtaniya kuma yana kai shekara 10. Hanyar gaskiya ita ce ka je wajen masu haraji da kanka da ƙwararren akanta, a sake lissafin shekarun baya a kan ainihin abin da ka samu, ka biya cikon da tarar, ka riƙe rasit. Da zafi kam, amma takardar da za ta fito mai rai ce. Gwamnatin tarayya ma ta taɓa buɗe irin wannan ƙofar da sassauci daga 2017 zuwa 2018, shirin VAIDS, mutanenmu ƙalilan ne suka kula.

Abin da ya ɗan cece mu a ɓangaren kasuwar shi ne wani tsohon yaron Alhaji da yake da tsantseni, yana da manyan littattafai masu baƙin bango da yake rubuta duk dilar da ta shigo da wadda ta fita da kwanan wata, har da lambar kwantena. Da waɗannan littattafan da takardun jirgin ruwa da Fom M na kayan da aka shigo da su ta banki da rasitan kwastan muka iya sake gina lissafin wasu shekaru, aka ga an sayo kaza an sayar kaza riba kaza, kuma ya yi daidai da abin da ya shiga banki a watannin. Amma kayan da aka biya ta hannun ejan a Guangzhou, ka ba wani naira a nan wani ya ba mai kaya kuɗin China a can, waɗannan ba su da uwa ba su da uba a takarda. Da muka tace muka tace, abin da zan iya sa hannu in ce ga hujjarsa bai wuce miliyan 200 ba cikin 600.

Gidan ya fi sauƙi amma shi ma da ƙura. Yana da takardar mallaka ta gwamnati, an yi yarjejeniyar ciniki wajen lauya, mai saye ya turo miliyan 300 ta banki da sunansa, wannan duk lafiya lau. Cikon miliyan 50 kuma a jaka aka kawo, tsaba, Alhaji ya ba yaro ya zuba a banki kashi-kashi cikin sati biyu. Na ce wannan hamsin ɗin mu manta da ita. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, sai ta banki, ka ga in ka gabatar da ita kai da kanka ka kai ƙarar kanka, ga kuma zubawar kashi-kashi da ta yi kama da mai ɓoye wani abu. Sannan tambayar da ba ya tsammani, da wane kuɗi ka sayi gidan tun farko? A 2009 ya saya miliyan 18. Ya ce haba Malam, abin shekara goma sha biyar? Na ce ai su a wajensu sayar da gida ba ya haifar da kuɗi, canza musu kama yake yi, in da kuɗin sata aka sayi gida to kuɗin cinikinsa ma na sata ne, shi ya sa suke komawa baya. Bankin da ya yi amfani da shi a lokacin ma ya narke cikin wani bankin tuni, sai da muka yi wata biyu muna zarya kafin a tono mana tsohon sitetimen, Allah ya taimaka aka ga fitar kuɗin da sunan wanda ya sayar masa.

Gadon kuwa shi ne ya fi kowanne tsabta, abin da ya ba Alhaji mamaki. Saboda an samu 'yar rashin jituwa a gidan lokacin rabo sai aka je kotun shari'a, alƙali ya raba aka rubuta kowa da kasonsa da hatimi. Rigimar da suke jin kunyarta ita ce ta zame masa hujja. Muka haɗa da takardar shaidar rasuwa da takardar cinikin gonar da ta faɗo a kasonsa da alat ɗin kuɗin, da ɗan bayani a kan sana'ar marigayin. Abin da ya rage kawai fassara, don duk takardar da ke cikin Hausa ko Larabci ko ajami sai an juya ta zuwa Turanci, mai fassarar ya sa hannu cewa ya iya harsunan biyu kuma fassarar cikakkiya ce. Da a zaure aka raba gadon nan tsakanin 'yan uwa da malamin unguwa aka shafa fatiha aka tashi, kamar yadda aka fi yi, da sai mun nemo shaidu da rantsuwar kotu, kuma ƙarfinta ba zai kai wannan ba.

Kyautar yaya ita ce ta mutu murus. Dokar EB-5 ta yarda da kyauta, ta yarda da bashi ma, in dai da gaske ne ba dabara ba, amma wanda ya ba ka shi ma sai ya buɗe cikinsa kamar yadda ka buɗe naka, sitetimen ɗinsa da harajinsa da inda ya samo. Da aka je wa yayan da maganar ya ce shi zai ba ƙaninsa kuɗi ne don zumunci, ba zai kai wa Turawa asirin kasuwarsa ba. Ban ga laifinsa ba. Amma miliyan 100 ta fita daga lissafi.

To ku tara, 200 da 300 da 150, miliyan 650 kenan, wajen dala dubu 430 da ɗoriya. Mutumin da yake da biliyan ɗaya da miliyan 200 a hannu, a takarda rabi da kaɗan yake da shi.

Kuma duk wannan asali ne kawai, ba mu zo hanya ba. Naira ce a hannunsa, su dala suke so, ya za a yi ta haye? Alhaji ya ce wannan ai ba matsala, mutumina ɗan canji na Wapa cikin kwana biyu zai sauke min ita a duk asusun da nake so a duniya. Na san zai iya, amma ku duba yadda abin zai fito a takarda. Naira ta fita daga asusun Alhaji zuwa asusun wasu kamfanoni uku a Legas da bai taɓa jin sunansu ba, sannan dala ta sauka a Amurka daga wani kamfani a Dubai ko Hong Kong da ba abin da ya haɗa shi da shi. Sawu ya yanke kenan. Dokar EB-5 ta 2022 ta ce a bayyana duk wanda ya tura kuɗi zuwa Amurka a madadin mai zuba jarin, kuma a aikace suna tambayar shi mai canjin lasisinsa da inda ya samo dalar da ya bayar, don tana iya yiwuwa nairarka halal ce amma dalar da aka ba ka a madadinta ta wani ɓarawon gwamnati ce da yake neman hanyar shigo da ita gida. Wane ɗan canji ne zai ba ka sitetimen ɗin abokin hulɗarsa na Dubai? Ga shi a watan Maris na 2024 Babban Banki ya soke lasisin 'yan canji sama da dubu huɗu, da yawa daga masu yi yanzu ba su da takardar da za su nuna. Ba zagin 'yan Wapa nake ba, da su kasuwar garin nan take numfashi, amma wannan aikin ba nasu ba ne. Hanyar da take tsira ita ce wadda kowane mataki yake da takarda, nairar ta fita daga asusunka zuwa wajen mai lasisi da rasit da farashin ranar, dalar ta shigo asusunka na dala mai sunanka, daga nan bankinka ya tura kai tsaye, ka ajiye takardar tiransifa. Ya fi tsada, ya fi jinkiri, wani lokaci sai an yi shi kashi da yawa cikin watanni. A nan 'yan Dawanau masu fitar da riɗi da zoɓo ta hanyar fom NXP suka fi 'yan Kwari sa'a, don su dalarsu da takardarta take shigowa tun daga tushe.

Sai tsarin kasuwancin. Ejan ya riga ya ba Alhaji wani kundi mai shafi kusan sittin da hotuna masu sheƙi, wai katafaren shagon atamfa da leshi da shadda a Houston saboda akwai 'yan Najeriya da yawa a can. Na karanta, Turanci kam ya sha, amma da ka cire sunan Alhaji ka sa na mai gidan burodi ba abin da zai canza. Akwai wani hukunci na 1998 da ake kira Matter of Ho wanda har yau da shi suke auna tsarin kasuwanci, ya lissafo abubuwan da suke son gani, su waye abokan gogayyarka da sunayensu da farashinsu, waye zai sayi kayanka, wane lasisi kake buƙata, daga ina kaya za su zo, wa za ka ɗauka aiki kuma yaushe kuma me zai riƙa yi, sannan hasashen ciniki da kashe kuɗi tare da tushen da ka gina hasashen a kai. Ya rufe da cewa mafi muhimmanci tsarin ya zama abin da za a iya gaskatawa. Wannan kalmar ta ƙarshe ita ce duka maganar.

Ni ba na fara karanta irin wannan kundin daga farko, shafin ma'aikata nake buɗewa in ɗauki kalkuleta. Mutum 10 ake so, kowanne aƙalla awa 35 a sati, kuma ba a lissafa kai da matarka da 'ya'yanka, dole 'yan ƙasa ne ko masu izinin zama da aiki na dindindin, ba yaran shagonka da za ka ɗebo daga Kano ba. Mu ƙaddara dala 15 a awa, wanda ba wani albashin a zo a gani ba ne a can. 15 sau 35 sau sati 52, dala 27,300 kenan ga mutum ɗaya a shekara, mutum goma dala 273,000, in ka ɗora harajin ma'aikata da inshora ya haye dubu 300. In ribar da ke kan kaya kashi 30 ce cikin ɗari, sai ka sayar da kayan dala miliyan 1 a shekara kafin ka biya albashi kaɗai, ba a zo haya da wuta da kuɗin fito ba. Na ce Alhaji in turmi ɗaya dala 50 ne, turmi dubu 20 kenan a shekara, wajen 55 kullum har ranar Lahadi, a garin da ake sa atamfa ranar biki da ranar coci da sallah. Ya yi dariya ya ce ko a Kwari mai sayar da ɗai-ɗai ba ya yin haka kullum. Na ce to ka ga kai da bakinka ka rushe kundin, shi ma jami'in lissafin da zai yi kenan. Kuma shagon da mutum uku za su iya riƙewa ka ce za ka zuba mutum goma, an san don biza ka rubuta.

Abin da kundin ya rubuta wai ciniki zai riƙa ninkawa duk shekara, ba a faɗi dalili ba, ba sunan shago ko ɗaya da ke sayar da irin kayan a garin, ba takardar hayar wuri, ba wasiƙar wani dillali da ya ce zai saya. Na ce in da gaske ake, ƙarfin Alhaji ai sari ne ba sayar da ɗai-ɗai ba, ya san masana'anta, ya san farashi tun daga tushe, ya san wane zane ne zai tafi. Tsarin da zai yi kama da shi shi ne sito da rarraba kaya ga shagunan Afirka a jihohi da yawa da sayarwa ta intanet, wataƙila da ɗinki, a nan ne mutum goma za su samu abin yi na gaske, mai sito da direba da mai lissafi da teloli. Amma shi ma sai an je an zauna da masu shagunan an samo wasiƙu, an samo farashin haya na gaske a unguwar da ta cika sharaɗin dubu 800 ɗin, in ba haka ba jarin ya koma miliyan 1 da dubu 50. Kuma duk lambar da ka rubuta bashi ce a wuyanka, don katin zaman da za a fara ba ka na shekara biyu ne mai sharaɗi, kafin ya ƙare za ka shigar da fom I-829 ka nuna takardun albashi cewa mutum goman nan suna nan da gaske. Birtaniya ma da ta rufe bizarta ta masu fam miliyan 2 a Fabrairun 2022, babban dalilin da ta bayar shi ne damuwa da kuɗin da ba a san asalinsu ba, wadda ta rage ta Innovator Founder kuma sabuwar dabara take nema ba shagon saye da sayarwa ba, kuma ana zama da kai a wata na 12 da na 24 a ga ina aka kwana. Saudiyya da mutanenmu suka fi so, nata zaman na mai zuba jari riyal miliyan 7 ne da ayyuka 10 cikin shekara biyun farko.

Wani abu da ya ɗaure wa Alhaji kai shi ne da na ce masa kuɗin dole su kasance cikin haɗarin asara, ba a yarda a rubuta maka alƙawarin za a dawo maka da su ba, duk ejan da ya ce maka garanti ne to ko ƙarya yake ko yarjejeniyar za ta kashe fayil ɗin. Na ce kamar ƙiradi ne da malamai suke karantarwa, mai dukiya ba a lamunce masa uwar kuɗi. Nan take ya gane. Akwai kuma hanyar zuba kuɗin a manyan ayyukan wasu ta cibiyoyin da gwamnatinsu ta amince da su, ba sai ka buɗe shago da kanka ba, su ne za su kawo tsarin kasuwancin, amma yawancinsu bashi suke bayarwa da ruwa, wannan kuma na ce ya kai wa malaminsa kafin ya kawo min. Kuma ko ta nan ka bi, tambayar ina ka samo kuɗin tana nan daram.

Yanzu dai wata na goma sha huɗu kenan da muka karkatar da duk cinikin zuwa asusun kamfani, an karɓe na yaran shago an sa POS mai sunan kamfanin, Alhaji yana yanka wa kansa albashi duk wata kamar ma'aikaci, abin da har yanzu yake ba shi dariya, an yi odit na gaske na shekara ɗaya, an biya cikon harajin shekara uku ana tattauna sauran. Kundin Houston yana cikin durowa. Satin da ya wuce ya kira ni ya ce wani ya kawo kuɗin kaya miliyan 12 a buhu, ya ce masa ya koma ya zuba a banki da sunansa ya kawo rasit, mutumin har ya ji haushi ya ce Alhaji yaushe ka zama Bature.